Yaya ake tabbatar da cewa amsa ita ce mafificiya ba tare da an sake lissafi ba? Fashin baƙi kan ƙa'idar rara da farashi

A ce wani ya kawo maka tsarin aikin masana'anta, ya ce ya yi lissafi, a ƙera kaza na wannan da kaza na wancan, kuma babu wani tsarin da zai kawo ribar da ta fi wannan. Ta yaya za ka gane ko gaskiya ya faɗa? Duba cewa tsarin bai ci kayan da suka wuce waɗanda ake da su ba abu ne mai sauƙi, ninkawa ce da tarawa. Amma cewa babu wanda ya fi shi magana ce a kan dukkan tsare-tsaren da ba a gwada ba, su kuwa ba sa ƙirguwa.

Amsar da aka fi ji daga ɗaliban liniya firogiramin, wato fannin lissafin neman tsari mafifici a ƙarƙashin iyakokin kayan aiki, ita ce a sake warware matsalar daga farko da hanyar simfileks, wadda ke inganta tsari mataki-mataki har ya kai ƙololuwa, a ga ko za a dawo wuri ɗaya. Hakan yana yiwuwa, sai dai zagaye ne mai nisa. Akwai gajeriyar hanya, wadda a aji ake kira kwamfilimentari silaknes, ni kuma a nan zan kira ta ƙa'idar rara da farashi. Da ita ake gwada amsar da aka kawo, kuma da ita ake ciro amsar wata matsala ta biyu, ta farashin kayan aiki, daga amsar ta farko. Mutane da yawa sun haddace ta, amma suna karanta ta a baibai, ko su tsaya a tsakiyar gwajin su ɗauka sun gama.

## Matsalar da za mu yi aiki da ita

Masana'antar kayan katako tana ƙera tebur, kujera da kabad. Abubuwa uku ne ke iyakance ta a mako: tana da falanki 50, awannin ma'aikata 60, da awannin inji 48. Tebur ɗaya yana cin falanki 3, awa 2 na ma'aikata, awa 2 na inji, ribarsa 12. Kujera tana cin falanki 1, awa 2 na ma'aikata, awa 1 na inji, ribarta 8. Kabad yana cin falanki 4, awa 3 na ma'aikata, awa 2 na inji, ribarsa 15. Ko da wane irin kuɗi aka auna ribar, lissafin ɗaya ne.

Idan `x1` shi ne yawan tebura, `x2` kujeru, `x3` kabad, abin da ake so shi ne a kai `z` ƙololuwa:

```
z = 12x1 + 8x2 + 15x3
3x1 +  x2 + 4x3 <= 50
2x1 + 2x2 + 3x3 <= 60
2x1 +  x2 + 2x3 <= 48
x1, x2, x3 >= 0
```

Wannan ita ce matsalar asali, wadda malamai ke kira firaimal. Duk tsarin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, halattacce ne. Wanda ya fi riba a cikin halattattun, shi ne mafifici. A riƙe bambancin nan da kyau, domin rabin ruɗanin da ake samu daga haɗa su yake tasowa. Rara kuwa ita ce abin da ya saura na wani kaya bayan an aiwatar da tsari. Idan an yi amfani da awa 40 na inji daga cikin 48, rarar inji 8 ce.

## Daga ina matsala ta biyu ta fito?

A ce wani ya zo yana son ya sayi kayan aikin makon nan gaba ɗaya, falankan da awannin, maimakon a ƙera komai. Zai sa wa kowane kaya farashi: `y1` ga falanki ɗaya, `y2` ga awar ma'aikaci, `y3` ga awar inji. Shi burinsa ya biya mafi ƙanƙanta. Mai masana'anta kuwa ba zai sallama ba sai idan kuɗin kayan da ke shiga tebur ɗaya ya kai aƙalla ribar teburin, wato 12. In bai kai ba, gara ya ƙera teburinsa. Haka ga kujera, haka ga kabad. Mai saye yana neman rage `w`:

```
w = 50y1 + 60y2 + 48y3
3y1 + 2y2 + 2y3 >= 12
 y1 + 2y2 +  y3 >= 8
4y1 + 3y2 + 2y3 >= 15
y1, y2, y3 >= 0
```

Wannan ita ce duwal, matsalar farashi. Lura da yadda suka sarƙe: kowane kaya a matsalar asali yana da farashinsa guda a nan, kowane abin ƙerawa kuma yana da sharaɗinsa guda.

Tunanin ya girmi na'urar kwamfuta da muka sani. Leonid Kantorovich ya yi amfani da irin waɗannan lambobi a Leningrad a 1939, sa'ad da yake duba yadda za a rarraba aiki ga injinan wata hukumar sarrafa katako. George Dantzig ya fito da hanyar simfileks a 1947, kuma a ganawarsa da John von Neumann a wannan shekarar ne maganar tagwaitakar matsalolin biyu ta fito fili. David Gale, Harold Kuhn da Albert Tucker ne suka wallafa cikakkiyar hujjarta a 1951. Abin da suka tabbatar shi ne: idan matsalar asali tana da mafificiyar amsa, matsalar farashi ma tana da ita, kuma mafi girman `z` daidai yake da mafi ƙanƙantar `w`.

## Abin da ƙa'idar ke cewa, da dalilinsa

Ɗauki kowane halattaccen tsari da kowane halattaccen farashi. Idan ka debe ribar tsarin daga kuɗin mai saye, tazarar da ke tsakaninsu tana rabuwa gida shida a matsalarmu. Uku na farko: rarar kowane kaya sau farashinsa. Uku na biyu: yawan kowane abin ƙerawa sau abin da kuɗin kayansa ya ɗara ribarsa. Ba wani siddabaru a ciki, buɗe baka ne da sake jera lambobi.

Dukkan gidajen shida ba sa sauka ƙasa da sifili, tunda rara ba ta sauka, farashi ba ya sauka, yawan abin ƙerawa ba ya sauka, kuma sharuɗɗan mai saye sun hana kuɗin kaya ya gaza riba. Daga nan abu biyu ke fitowa. Na farko, `w` ba ya taɓa gazawa `z`: kowane halattaccen farashi rufi ne da riba ba ta iya hudawa. Na biyu, tazarar ba ta zama sifili sai idan kowane gida cikin shidan ya zama sifili shi kaɗai, domin babu wani gida mai ƙasa da sifili da zai share wani.

Ninkin lambobi biyu kuwa ba ya zama sifili sai ɗayansu sifili ne. To ga ƙa'idar nan gaba ɗayanta. Kayan da ya yi rara, farashinsa sifili ne. Kayan da ke da farashi sama da sifili, ya ƙare ƙaf. Abin da ake ƙerawa, kuɗin kayansa daidai yake da ribarsa. Abin da kuɗin kayansa ya ɗara ribarsa, ba a ƙera shi ko ɗaya.

Hankali ma ya yarda da wannan. Wanda randarsa ke cike har tana zuba ba ya biyan kuɗin ƙarin guga. Idan inji na zaune awa 8 babu aiki, ƙarin awa ta tara ba za ta ƙara ribar komai ba.

Cikakken hukuncin yana da ƙafa uku, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya: tsari da farashi mafifita ne idan tsarin halattacce ne, farashin halattacce ne, kuma ƙa'idar rara ta cika tsakaninsu. Idan su biyun mafifita ne, dole ukun nan su cika. Cire ƙafa ɗaya, hukuncin ya faɗi.

## Gwajin farko: tebur 10, kujera 20, babu kabad

An kawo mana tsari: `x1 = 10`, `x2 = 20`, `x3 = 0`. Da ganinsa mutum zai yi shakka, tunda kabad ne ya fi kowa riba, ga shi an bar shi.

Mu fara da halacci. Falanki: 30 da 20, hamsin cif, ya ƙare. Awannin ma'aikata: 20 da 40, sittin cif, sun ƙare. Inji: 20 da 20, arba'in, saura 8. Tsarin halattacce ne, ribarsa 120 da 160, wato 280.

Yanzu sai mu tambaya: idan da gaske wannan ne mafifici, wane farashi ne dole ya raka shi? Inji ya yi rara, don haka `y3 = 0`. Ana ƙera tebur, don haka sharaɗin tebur ya tashi daga "aƙalla 12" ya koma "daidai 12". Ana ƙera kujera, nata ma ya koma daidai 8. Ba a ƙera kabad, saboda haka ƙa'idar ba ta ce komai a kan sharaɗinsa ba tukuna. Abin da ya rage:

```
3y1 + 2y2 = 12
 y1 + 2y2 = 8
```

Debe na biyu daga na farko, `2y1 = 4`, wato `y1 = 2`. Mayar da shi cikin na biyu, `y2 = 3`. Mun sami farashi: falanki 2, awar ma'aikaci 3, awar inji 0. Ba mu warware matsalar farashi ba ko kaɗan, lissafin daidaito biyu kawai muka yi.

Saura ƙafa ta uku. Shin farashin nan halattacce ne? Babu wanda ya sauka ƙasa da sifili, wannan ya yi. Sai sharaɗin da muka ajiye, na kabad: falanki 4 sau 2, takwas, da awa 3 sau 3, tara, jimla 17. Sha bakwai ya kai 15 har ya wuce. Sharaɗin ya cika. Ƙafa uku sun tsaya, tsarin mafifici ne, kuma kuɗin mai saye, 50 sau 2 da 60 sau 3, ya ba da 280, daidai da ribar.

Dubi abin da lambar 17 ta bayyana. Kabad yana kawo 15, amma kayan da yake ci, da an sa su a tebur da kujera, 17 za su kawo. Duk kabad ɗaya da aka tilasta shigarwa cikin tsarin yana rage riba da 2. Ribarsa mai yawa ce a ido, amma yana cin abin da ya fi ta. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a koyar da ƙa'idar a matsayin dabarar cin jarrabawa kawai: ita ce ke ba ka amsar da za ka ba mai masana'anta idan ya tambayi dalilin barin kabad.

Kuma hujjar da muka samu kowa na iya duba ta da alƙalami. Ninka sharaɗin falanki da 2, na ma'aikata da 3, ka tara su. Za ka sami `12x1 + 8x2 + 17x3 <= 280`. Tunda riba `12x1 + 8x2 + 15x3` ce, ba za ta taɓa wuce 280 ba, ko wane tsari aka zo da shi. Layi ɗaya ya rufe bakin dukkan tsare-tsaren da ba a gwada ba.

## Gwaji na biyu: tsarin da ke kama da daidai

Wani kuma ya ce a'a, a bar tebur, a ƙera kujera 18 da kabad 8. Falanki: 18 da 32, hamsin. Ma'aikata: 36 da 24, sittin. Inji: 18 da 16, talatin da huɗu, saura 14. Halattacce ne, ya cinye falanki da awannin ma'aikata ƙaf kamar na farko, ribarsa 144 da 120, wato 264. A ce ba mu san da 280 ba. Me gwajin zai nuna?

Inji ya yi rara, `y3 = 0`. Kujera da kabad ake ƙerawa, saboda haka:

```
 y1 + 2y2 = 8
4y1 + 3y2 = 15
```

Amsar ita ce `y1 = 1.2`, `y2 = 3.4`. Duka biyun sun haura sifili. Lissafa kuɗin mai saye: 50 sau 1.2, sittin, da 60 sau 3.4, ɗari biyu da huɗu, jimla 264. Daidai da ribar tsarin!

A nan ne mutane da yawa ke ajiye alƙalami su rubuta cewa an tabbatar. Ba a tabbatar da komai ba. Daidaituwar `z` da `w` dole ce ta faru, domin mu da kanmu muka zaɓi farashin da ke mayar da gidajen nan shida sifili. Duk tsarin da aka ciro wa farashi ta wannan hanya, lambobin biyu za su haɗu, mafifici ne ko ba mafifici ba. Haɗuwarsu tana nuna ba a yi kuskuren tarawa ba, shi ke nan. Gwajin gaskiya yana cikin sharaɗin da ba a yi amfani da shi ba.

Sharaɗin tebur: 3 sau 1.2, wato 3.6, da 2 sau 3.4, wato 6.8, jimla 10.4. Ana buƙatar aƙalla 12. Bai kai ba. Farashin ba halattacce ba ne, kuma tunda shi kaɗai ne farashin da ƙa'idar ta yarda ya raka wannan tsari, tsarin ba mafifici ba ne.

Faɗuwar gwajin ma tana da amfani, domin ta nuna inda gyara yake. Kayan tebur ɗaya suna kawo 10.4 a inda suke yanzu, tebur kuwa zai kawo 12. Kowane tebur da aka shigar zai ƙara 1.6. Ana shigar da tebura, kabad na raguwa, har ya ƙare a daidai tebur na goma. Goma sau 1.6 sha shida ne, 264 da 16 kuwa 280 ne. Abin da hanyar simfileks ke yi ke nan a kowane mataki: tana tsaye a wata kusurwa ta filin halattattun tsare-tsare, wato tsari irin waɗannan biyun inda iyakoki suka haɗu, tare da farashin da ya cika ƙa'idar rara, tana neman sharaɗin farashi da ya karye, ta shigar da abin da ya karya shi.

Gwajin yana faɗuwa ta wasu hanyoyi biyu. Wani lokaci farashin da aka ciro yana fitowa ƙasa da sifili, alamar cewa gara a bar wa wannan kayan rara da a cinye shi. Wani lokaci kuma lissafin daidaiton ne ke cin karo da juna. Gwada tebur 10 da kujera 10: komai ya yi rara, dole duk farashi ya zama sifili, sai sharaɗin tebur ya koma cewa sifili daidai yake da 12. Babu irin wannan farashin, don haka tsarin ya faɗi.

## Kuskuren karanta ƙa'idar a baibai

Ƙa'idar ta ce idan akwai rara, farashi sifili ne. Ba ta ce idan babu rara, dole farashi ya haura sifili ba. Ninki ya zama sifili idan ɗaya sifili ne, kuma ba laifi idan duka biyun sifili ne. Haka a ɗaya ɓangaren: barin kabad bai tilasta kuɗin kayansa ya ɗara ribarsa ba, yana iya zama daidai da ita.

Mu canza abu ɗaya a matsalar don a ga yadda wannan ke faruwa. A ce awannin inji 40 ne maimakon 48. Tsarin tebur 10 da kujera 20 yana nan halattacce, sai dai yanzu kayan uku duk sun ƙare ƙaf. Babu rarar da za ta ba mu damar cewa wani farashi sifili ne. Muna da farashi uku da ba mu sani ba, lissafin daidaito kuwa biyu ne kawai:

```
3y1 + 2y2 + 2y3 = 12
 y1 + 2y2 +  y3 = 8
```

Wannan yanayi, inda sharuɗɗan da suka cika cif a kusurwa ɗaya suka fi yawan da ake buƙata don tsayar da kusurwar, shi ake kira dijenarasi. Ba ɓaci ba ne, kuma a manyan matsaloli ya zama ruwan dare. Abin yi shi ne a bar farashi ɗaya a sake, a rubuta sauran da shi: `y1 = 2 - y3/2`, `y2 = 3 - y3/4`. Sa su cikin sharaɗin kabad, za ka sami `17 - 0.75y3 >= 15`, wato `y3` kada ya wuce `8/3`. Duk `y3` daga sifili zuwa `8/3` yana ba da halattaccen farashi, kuma kowannensu yana kai kuɗin mai saye 280. Farashin (2, 3, 0) daidai ne. Farashin (1, 2.5, 2) ma daidai ne.

Abu biyu ke biyo baya. Na ɗaya, a farashin (2, 3, 0) inji ya ƙare ƙaf amma farashinsa sifili, kuma babu abin da ya karye. Na biyu ya fi haɗari. A ce wani ya ga farashi uku da lissafi biyu, sai ya yanke shawarar sa `y1 = 0` don ya rage wa kansa aiki. Zai sami (0, 2, 4), ya gwada sharaɗin kabad ya sami 14, bai kai 15 ba, ya yanke hukuncin cewa tsarin ba mafifici ba ne. Ya yi kuskure, tsarin mafifici ne. Domin a tabbatar da fifiko, halattaccen farashi ɗaya ya isa. Domin a kore shi, sai an nuna cewa duk farashin da ƙa'idar ta yarda da su babu halattacce ko ɗaya. A gwaji na biyu mun iya kore tsarin nan take ne saboda farashi ɗaya tak lissafin ya bayar.

Akwai sakamakon da Alan Goldman da Albert Tucker suka wallafa a 1956 da ke cewa duk matsalar da ke da mafificiyar amsa tana da aƙalla tsari ɗaya da farashi ɗaya mafifita inda a kowane gida ɗaya ne kawai sifili, ɗayan ya haura. Farashin (1, 2.5, 2) irinsa ne: kayan uku sun ƙare, ukun suna da farashi, kabad kuma 15.5 ne a kan 15. Sai dai sakamakon ya ce akwai irin wannan amsa ne, bai ce ita za ka samu a hannunka ba.

## Me farashin ke nufi ga mai yanke shawara?

Mu koma matsalar asali mai awa 48. Farashin falanki 2 yana nufin ƙarin falanki ɗaya zai ƙara riba da 2. A gwada: da falanki 52, tsarin ya koma tebur 11 da kujera 19, riba 132 da 152, wato 284. Ƙarin falanki biyu, ƙarin riba huɗu. Saboda haka idan an sami ƙarin falanki a kan tsadar da ta ɗara wadda aka saba da ƙasa da 2, saye ya fi. Ƙarin awar inji kuwa, ko a kyauta aka bayar ba za ta ƙara komai ba.

Amma farashin yana da iyaka. Kowane ƙarin falanki biyu yana mayar da kujera ɗaya tebur, hakan kuma yana cin ƙarin awa ɗaya ta inji. Rarar inji 8 ce, don haka a falanki 66 za ta ƙare. Daga nan inji ya daina zama kyauta, farashin falanki ma ya sauka. Wanda ya ninka 2 sau ɗari ya yi odar falanki ɗari yana jiran ƙarin riba 200 zai sha mamaki.

A yanayin dijenarasi abin ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin farashin ƙari da na ragi sun rabu. Da inji mai awa 40, ƙarin awa ɗaya ba ya kawo komai, amma ragin awa ɗaya yana cin `8/3` na riba. Ƙarin falanki ɗaya kuma `2/3` kawai yake kawowa, ba 2 ba, domin inji ya riga ya toshe hanyar ƙara tebur. Manhaja za ta ba ka farashi ɗaya daga cikin masu yawa, ba lallai ta gargaɗe ka ba. Idan ka ga kayan da ya ƙare ƙaf da farashin sifili, ko ka ga abubuwan da ake ƙerawa da kayan da suka yi rara, in an haɗa su, ba su kai yawan sharuɗɗa ba, to canza adadin kayan kaɗan sama da ƙasa ka sake warwarewa kafin ka ba kowa shawara.

Wannan ba zancen aji kaɗai ba ne. A kasuwannin wutar lantarki irin ta PJM a Amurka, farashin wuta a kowane wuri yana fitowa ne daga farashin sharuɗɗan lissafin da ke rarraba aiki ga tashoshi. Layin da bai cika ba, ba ya ƙara kuɗin cunkoso. Wanda ya cika yana iya raba farashi tsakanin wuraren da yake haɗawa. Rara da farashi ne dai, a kan wayoyi.

## Masu cewa a bar wa kwamfuta

Akwai masu ganin cewa tunda manhaja na warware matsala mai dubban sharuɗɗa cikin ɗan lokaci, gwajin hannu ya zama tarihi. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya: babu wanda zai zauna ya warware lissafin daidaito dubu da alƙalami. Amma manhajar kanta da waɗannan ƙafafu uku take sanin ta iso. Simfileks yana riƙe halaccin tsari da ƙa'idar rara yana neman halaccin farashi. Hanyoyin da ke bi ta cikin fili maimakon kusurwoyi kuwa suna matse ninkin rara da farashi a hankali har ya kusa sifili. Wanda bai san ƙa'idar ba, ba zai iya karanta rahoton da aka ba shi ba.

Rahoton ma yana da tarkonsa. A Excel, farashinmu na `y` suna fitowa ƙarƙashin `Shadow Price`, tazarar kabad kuma ƙarƙashin `Reduced Cost`. Alamar lambar, ko tana sama da sifili ko ƙasa, ta dogara da tsarin kowace manhaja. `linprog` na SciPy, wata manhajar lissafi ta yaren Python, alal misali, ragewa kawai yake yi, don haka sai an juya alamar riba kafin a ba shi matsalarmu, farashin da zai dawo da su ma a juye suke. Sannan kwamfuta ba ta cika ba da sifili tsantsa ba. Rarar 0.0000001 sifili ce, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin rara ta gaske zai kashe farashin da bai kamata ya kashe ba.

Siffar sharaɗi ma tana canza abin da ake dubawa a ƙafa ta uku. Idan sharaɗi na daidaito ne, a ce dole a cinye falanki 50 cif, farashinsa yana da 'yancin sauka ƙasa da sifili, kuma ganin hakan ba ya kore fifiko. Idan sharaɗin "aƙalla" ne a matsalar neman mafi girma, kamar a ce dole a ƙera kabad 3 ko fiye, farashinsa sifili ne ko ƙasa da haka. A matsalarmu zai fito `-2`, wato asarar da kowane kabad na dole ke jawowa. Ƙa'idar rara ba ta canza ba a duk waɗannan, alamar da ake nema ce ta canza, shi ya sa rubuta matsalar farashi daidai tun farko ya fi sauran matakan muhimmanci.

Sai iyaka ta ƙarshe, wadda misalinmu ya ɓoye. Duk abin da muka faɗa ya ginu ne a kan cewa ana iya ƙera rabin tebur. Mun yi sa'a amsar ta fito 10 da 20, cikakkun lambobi, don haka hujjar 280 ta tsaya ko da an hana gutsure. Amma da falanki 51 ne, lissafin zai ba da tebur 10.5 da kujera 19.5, riba 282. Idan dole sai cikakkun lambobi, babu tsarin da zai kai 282, kuma mafificin da ke akwai zai faɗi gwajin rara alhali babu wanda ya fi shi. A irin wannan matsala, cin gwajin hujja ce ta fifiko, faɗuwa kuwa ba hujjar komai ba ce, kuma abin da farashin ke bayarwa shi ne rufin 282 da za a auna kowane tsari da shi.